"Idan ya lalace zai sauya shi": sumo ake nufi ko tanki?

Ma'ajin_Unguwa:
Assalamu alaikum. Masana shari'a da malaman Hausa, ku taimaka mana da fatawa. Kwamitin unguwarmu ya ba wani ɗan kwangila aikin rijiyar burtsatse mai sola. Da Hausa aka rubuta yarjejeniyar, kowa ya sa hannu, mai unguwa da liman suka yi shaida. Ga abin da sakin layi na 4 ya ce, ban ƙara ba ban rage ba:

"Ɗan kwangila zai zura sumo mai ƙarfin doki 2 a rijiyar, ya ɗora tanki mai cin lita 5,000 a kan ƙarfe. Idan ya lalace kafin wata shida, zai sauya shi ba tare da an biya shi ko kwabo ba."

A wata na huɗu sumo, wato injin da ke cikin rijiyar yana turo ruwa, ya ƙone. Da muka neme shi sai ya ce shi tanki ya yi wa garanti, mu duba takarda, tanki ne ke daf da "idan ya lalace". Sabon sumo ya haura naira 600,000, tankin kuwa bai kai haka ba, kuma lafiyarsa ƙalau. Akwai cikon kuɗinsa naira 400,000 a hannuna da aka ce sai wa'adin ya cika a ba shi. Yanzu unguwa ta koma sayen ruwa wajen 'yan garuwa. Wannan "ya" ɗin, wa yake nufi?

Baban_Walida:
Wa alaikumus salam. Wannan ai ba abin tambaya ba ne, rainin hankali ne. Wa ya taɓa jin an yi wa tankin roba garantin wata shida? Abin da kan shekara goma a rana bai yi komai ba. Ku riƙe kuɗinsa kawai.

Almajirin_Nahawu:
Malam Ma'aji, zan faɗi abin da ba za ka so ji ba. Ƙa'idar da muka karanta a zaure ita ce lamiri yana komawa ne ga abin da aka ambata mafi kusa da shi. A takardarku abu na ƙarshe namiji da ake magana a kansa shi ne tanki. Ta fuskar nahawu zalla, mutumin nan yana da abin kamawa.

Sarkin_Zolaya:
To in mafi kusa ake bi, ai "ƙarfe" ne kalmar ƙarshe kafin a ce "idan ya lalace". Ke nan ba sumo ba tanki, ƙarfen da aka ɗora tankin a kai shi ke da garanti. Ɗan kwangila ya ƙara samun sauƙi!

Malama_Hausa_Gusau:
Sarkin_Zolaya da wasa ya faɗa, amma ya taɓo gaskiyar lamarin. Maza uku ne a jimlar farko ban da ɗan kwangilar kansa: sumo, tanki, ƙarfe. Rijiya ce kaɗai mace, shi ya sa ita ba ta shiga rigimar ba. Da an ce "idan ta lalace", babu wanda zai yi musu.

Almajirin_Nahawu, ƙa'idar kusanci ba ta riƙe Hausa yadda kake zato. Ga jimla biyu da nake ba ɗalibaina. "Audu ya mari Bala don ya zage shi." Wa ya yi zagin? Bala. "Audu ya mari Bala don ya huce." Wa zai huce? Audu. Wakilin sunan iri ɗaya ne a rubuce, a wuri ɗaya yake zaune, amma nan ya koma ga na kusa, can ya koma ga na nesa. Ma'ana ce ta raba gardamar, ba tazara ba. Mai sauraro yana ɗaukar wanda ya dace da hankali ba tare da ya san ma ya yi zaɓi ba. Matsala tana tasowa ne inda duka biyun suka dace da hankali, kuma akwai kuɗi a tsakani.

Almajirin_Nahawu:
Na karɓi gyara, Malama, amma da sauran magana. Su ma malaman nahawun Larabci ba su ce dole ba ne, cewa suka yi shi ne asali sai in an sami dalilin da ya kawar da shi. Akwai ma masu cewa lamiri yana komawa ne ga wanda zancen ke kansa ko da ya yi nisa. Misalin da aka fi kawowa yana cikin Suratul An'am aya ta 145, inda aka ambaci naman alade sannan aka ce shi ƙazanta ne. Wasu malamai suka ce "shi" ɗin naman ne domin a kansa ake magana, wasu suka ce aladen ne domin shi ne na kusa. To in manya sun saɓa a can, ba mamaki kwamiti da ɗan kwangila su saɓa a nan. Abin da nake nufi, nauyin kawo dalili yana kan kwamiti.

Ɗan_Bakin_Kasuwa:
Ni dai shawarata kada ku sake sayen irin wannan sumon. Ku nemi na asali ko da ya fi tsada, jabu ya cika kasuwa.

Baban_Walida:
Ɗan'uwa ba tambayar da aka yi ke nan ba. Tambayar ita ce wa zai biya.

Barista_Zoo_Road:
Ban ga takardar gaba ɗaya ba, saboda haka a ɗauki maganata a matsayin bayani, ba hukunci ba.

Alƙali ba ya fara da auna wace kalma ce ta fi kusa. Yana karanta takardar ne dukkanta, daga sama har wurin sa hannu, yana neman abin da ɓangarorin biyu suka nufa kamar yadda rubutun ya nuna. Sau da yawa wani sakin layi can ƙasa shi ke warware abin da ya ɗaure a sama. Shi ya sa nake roƙon Ma'aji ya kawo mana duk inda aka ƙara ambaton gyara, ko wa'adin wata shida, ko cikon kuɗin nan.

Idan an karanta duka har yanzu maganar tana ɗaukar fuska biyu, a nan ne ake waiwayar abin da ke wajen takarda. Dokar Shaida ta 2011, sashe na 128, ta kafa asali cewa in an rubuta yarjejeniya ba a zuwa da maganar baki a sauya ta ko a ƙara mata. Amma sashe na 129 ya buɗe ƙofa wajen fassara: idan lafazin ya dace da abu fiye da ɗaya daidai wa daida, ana iya kawo shaidar halin da aka ƙulla yarjejeniyar a ciki. Bambancin yana da muhimmanci. Ba za ku iya kawo liman ya ce ai wata goma sha biyu aka yi alkawari ba, tunda takarda ta ce shida. Amma kuna iya kawo abin da zai nuna mene ne "ya" ɗin nan: takardar farashin da ɗan kwangila ya fara kawowa, saƙonnin waya, littafin taron kwamiti.

In duk wannan bai raba ba, akwai ƙa'ida ta ƙarshe: maganar da ta rikice ana fassara ta ne a kan wanda ya tsara ta, domin shi ya sami damar fayyacewa bai fayyace ba. To Malam Ma'aji, wa ya rubuta takardar nan?

Ma'ajin_Unguwa:
Barista, Allah ya saka da alheri. Sakatarenmu ne ya rubuta da hannunsa, aka kai aka buga. Amma ɗan kwangilar ne ya zo da wata tsohuwar yarjejeniya ta Turanci ta wani aikin da ya yi, ya ce a bi tsarinta, sakatare ya riƙa mayarwa Hausa yana sauya adadi.

Ga sauran wuraren. Sakin layi na 6: "Kwamiti zai riƙe naira 400,000 har wa'adin ya cika." Na 7: "Bayan wa'adin, gyaran kayan wuta da na ruwa ya koma kan kwamiti."

Baban_Walida:
Kash. Ashe ku kuka rubuta. To kun ga ƙa'idar Barista ta juyo kanku.

Barista_Zoo_Road:
A'a Baban_Walida, kada ka yi saurin yanke ƙauna. Na ce ita ce ta ƙarshe, ba a kai gare ta sai sauran hanyoyi sun toshe. Kuma a nan ma wanda ya tsara ɗin abin gardama ne: alƙalamin na sakatare ne, samfurin na ɗan kwangila ne, kowane lauya zai ja wajensa.

Ku dubi na 7 da kyau, shi ne zinariyar takardar. An ce gyaran kayan wuta "ya koma" kan kwamiti bayan wa'adin. Abu ba ya komawa kanka sai in da can yana kan wani. Kafin wa'adin yana kan wa? Mutum biyu ne kawai a yarjejeniyar. Kuma sumo kayan wuta ne, tanki ba ya cin wuta. Idan garantin tanki ne kaɗai, ambaton kayan wuta a na 7 ya zama maganar banza, kotu kuwa ba ta son fassarar da za ta mayar da wani sakin layi ba shi da aiki. Sai na 6 ya ƙara ƙarfi: don me za a riƙe 400,000 saboda tankin da kuɗinsa bai kai na sumo ba, kuma ba shi ne abin tsoro ba?

Da ni ne lauyan ɗan kwangilar kuwa, ga abin da zan ce: an rubuta "ya lalace", "sauya shi", abu ɗaya tilo. Da duka kayan ake nufi da an ce "suka lalace". Sannan na 7 gyara ya ambata, na 4 kuma sauyawa, ba abu ɗaya ba ne, saboda haka iyakar abin da ke kaina in kai sumon a naɗe masa waya, ba in sayo sabo ba. Wannan hujjar ba ta banza ba ce. Ina ganin kwamiti ya fi rinjaye, amma ba zan ce maku a aljihu take ba.

Injiniya_Ruwa:
Ku yi haƙuri in shigo ta wata ƙofar. Kafin a gama rigimar "ya", a san me ya ƙona sumon, domin ko an yarda shi ke da garanti, tambaya ta gaba da mutumin zai yi ke nan.

Sumo ruwan da yake ciki ne ke sanyaya shi. In ruwan rijiya ya ja ƙasa ya bar shi yana juyi a bushe, ba ya daɗewa yake ƙonewa. Daga Maris zuwa Mayu aka fi ganin haka, musamman a ƙasa mai dutse irin ta cikin Kano da kewaye, inda rijiya da yawa ba su da ƙarfin ɓuɓɓuga. Doki 2 a rijiya mai raunin ruwa yana iya zuƙe ta fiye da yadda take tarawa. Ku sa a ciro shi a buɗe a gaban shaidu na ɓangaren biyu. In fanfelan roban ciki sun narke sun manne, a bushe ya yi aiki. In sun cinye kamar an goge su da sanfefa, yashi ne ke shiga, wannan kuma ya koma ga yadda aka yi rijiyar, tsakuwar da aka zuba ta tacewa ko zurfin da aka ajiye shi. In roban lafiya amma waya ta ƙone tana wari, a duba haɗin wuta da kwantirola.

Sannan ku tambaya ko an sa masa na'urar da ke kashe shi in ruwa ya yi ƙasa. In ba a sa ba, ni a wajena aikin bai cika ba tun farko.

Ma'ajin_Unguwa:
Injiniya, a watan Afrilu ne ya tsaya. Yaron da ke kula da wurin ya ce kwanakin ƙarshe ruwan yana zuwa yana yankewa, yana tofar da iska. Na'urar da ka faɗa ban sani ba ko akwai, zan tambaya.

Injiniya_Ruwa:
Tofar da iskar nan ita ce alamar. Shi zai ce yaronku ne bai kashe ba, ku kuma ku ce shi ya zaɓi girman sumon da zurfinsa. Takardarku ta ce wani abu a kan lalacewar da sakaci ya jawo?

Ma'ajin_Unguwa:
Ko kalma ɗaya babu.

Hajiya_Nas:
Ni abin da ya ja hankalina ba rijiyar ba ce, wannan "ya" da "ta" ɗin ne, don mu ma muna fama da shi a rahoton miƙa aiki. Akwai safiyar da na karɓi aiki a ɗakin yara, na tarar an rubuta, ma'anarsa dai: uwa ta kawo 'yarta da dare, tana da zazzaɓi da amai, an ba ta magani ƙarfe biyu. Na je gadon na tarar uwar ma jikinta zafi rau, tana kwance gefen yarinyar. To wa aka ba maganin? Katin magani na yarinyar ba a cike wurin ba. In na ɗauka an ba yarinyar alhali uwar aka ba, ta rasa kashi ɗaya. In na ɗauka ba a ba ta ba na sake ba ta, na ninka mata. Sai da aka tashi wadda ta yi dare daga barci a waya. Tun daga nan a sashenmu ba a rubuta "ta" in mata biyu ne a zancen, sai dai "majiyyaciya" da "mai jinya", ko lambar gado.

Akawu_Mai_Ritaya:
Hajiya kin tuna mini da littafin taro. Shekaru na yi ina rubuta bayanin taron ƙungiyoyi, kuma jimlar da ta fi haddasa faɗa ita ce irin wannan: "Shugaba ya shaida wa ma'aji cewa zai mayar da kuɗin kafin ƙarshen wata." Ranar taron kowa ya san wanda ake nufi, don an ga wanda ya sunkuyar da kai. Bayan wata takwas, an sauya shugabanni, sai takarda kaɗai ta rage, kowane cikin biyun ya ce ɗayan ne. Mai rubutu ba ya ganin ramin saboda shi yana da hoton a kansa.

Wanda ya fi wannan sharri kuma shi ne "za a". "Za a gyara rufin kafin damina." Wannan ba mutum biyu yake nunawa ba, ba ya nuna kowa. Na ga yarjejeniyar hayar shago da aka yi shekara ana ja a kanta saboda shi.

Ɗan_Damagaram:
Gaisuwa ga mutanen Najeriya. Barista, wajenmu Nijar da ɗan bambanci, don mu kundin dokar farar hula da muka gada daga Faransa muke bi. Aya ta 1156 ta ce a nemi abin da ɓangarorin suka nufa tare, kada a tsaya ga zahirin kalmomi, wannan ya yi daidai da naku. Amma aya ta 1162 ta ce in an yi kokwanto, a fassara yarjejeniya ta yadda za ta sauƙaƙa wa wanda ya ɗauki nauyin. A maganar Ma'aji wanda ya ɗauki nauyin sauyawa ai ɗan kwangila ne, ka ga sai ta taimake shi. Sai dai in an ɗauki abin a matsayin ciniki, nan kuma aya ta 1602 ta ce duk maganar da ba ta fito fili ba a kan mai sayarwa ake fassara ta. To shi wannan mai sayar da sumo ne ko mai aikin rijiya? Lauyoyinmu sai su kwana a nan.

Barista_Zoo_Road:
Na ƙaru, Ɗan_Damagaram. Ka ga takarda ɗaya, ka tsallaka Maimujiya da ita sai ma'aunin ya ɗan karkata. Ko a nan gida ma ya danganta da inda aka kai ƙarar. A kotun shari'ar Musulunci tsarin shi ne mai da'awa ya kawo hujja, wanda ya musa ya yi rantsuwa, kuma shaidar liman da mai unguwa za ta yi nauyi sosai.

Matashi_Mai_Zafi:
Duk wannan dogon Turanci ne. Ku kai shi ofishin 'yan sanda ya kwana biyu a bayan kanta, da kansa zai gane wa "ya" yake nufi.

Barista_Zoo_Road:
Kada ku yi haka. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa kwangila kawai. Kuna da hujja mai kyau a hannu, kada ku mayar da kanku waɗanda za a yi ƙara.

Zango_Kumasi:
Malama ta ce da rijiya ce da babu musu saboda mace ce. Wannan a Hausarku ne. Mu nan zango yawancinmu ba mu raba namiji da mace a kayan da ba su da rai, rijiya ma "ya lalace" za ka ji an ce, mota "ya tsaya". Da ɗan wajenmu ne ya rubuta takardar nan, da rijiyar ma ta shiga layi, sun zama huɗu.

Malama_Hausa_Gusau:
Gaskiyarka, kuma ba sai an je Ghana ba, a Zazzau da Bauchi ma za ka ji irin haka a bakin mutane. Saboda haka ko jinsin ba abin dogaro ba ne in ba ka san Hausar wanda ya riƙe alƙalamin ba.

Ina zargin ma daga samfurin Turancin nan cutar ta taso. Turanci kalma ɗaya gare shi ga duk abin da ba mutum ba, rijiya ko tanki ko kamfani. Mai fassara yana isa wurin dole ya zaɓa, "ya" ko "ta", kuma in bai tsaya ya tambaya ba zai zaɓi wanda ya fara zuwa bakinsa. Ma'aji, ku nemo takardar Turancin ku gani. Mai yiwuwa a can sumo ne kaɗai a jimlar, tankin daga baya aka cusa shi tsakani, sai wakilin sunan ya rabu da mai shi. Haka yake yawan faruwa in an yi wa rubutu ƙari: jimlar da ke daidai jiya, a saka mata wata a gaba, ta koma nuna wani abu daban ba tare da an taɓa ta ba.

Na jam'i kuma ya fi wuya, don Hausa ba ta raba jinsi a jam'i sam. "Wakilan kwamiti za su duba aikin tare da ma'aikatan ɗan kwangila, in sun gamsu su sa hannu." Su wa za su gamsu? Ga kuma "su Alhaji", wanda zai iya zama Alhaji da mutanensa, ya kuma iya zama Alhaji shi kaɗai ana girmama shi.

Baban_Walida:
To Malama yaya za a rubuta? In aka ce kowane layi sai an maimaita "ɗan kwangila, ɗan kwangila", ai takardar za ta zama kamar karatun 'yan aji ɗaya. Mu an koya mana maimaita suna rauni ne a insha'i.

Akawu_Mai_Ritaya:
A insha'i ne, Baban_Walida. Yarjejeniya ba don daɗin karatu ake yin ta ba, don ranar ɓacin rai ake yin ta. Da ni aka ba na 4 ɗin nan, ga yadda zan sa shi:

"Ɗan kwangila zai zura sumo mai ƙarfin doki 2 a rijiyar. Ɗan kwangila zai ɗora tanki mai cin lita 5,000 a kan ƙarfe. Idan sumon, ko tankin, ko ƙarfen, ko kwantirola ya lalace kafin wata shida daga ranar miƙa aiki, ɗan kwangila zai kawo sabo irinsa da kuɗinsa."

Kai, ka ga ni ma na ƙare da "kuɗinsa", wanda mai neman rigima zai ce kuɗin sumon ne. A mayar da shi "kwamiti ba zai biya komai ba". Ku lura kuma na sa ranar da wata shidan zai fara, don takardarku ba ta faɗa ba, daga sa hannu ne ko daga miƙa aiki.

Dabarar da nake yi kafin a sa hannu: in ɗauki jan biro in zagaye duk "ya", "ta", "su", "shi", da duk "-nsa" da "-nsu". Kowanne in cire shi in sa sunan farko in karanta, in sake sa na biyu in karanta. In ɗaya ya ba da dariya, wurin lafiya lau, a bar shi. In duka biyun sun zauna daram, dole a rubuta sunan. Sannan in miƙa wa wanda bai halarci zaman ba ya karanta, ina tsayar da shi ina cewa "wa?", "me?". Wanda ya halarta ba shi da amfani a wannan gwajin.

Almajirin_Nahawu:
Baba Akawu, in aka bi gwajinka a takardar Ma'aji: "idan tanki ya lalace" ya zauna, "idan sumo ya lalace" ya zauna. Sai dai kunnena ya fi karɓar na biyun. Tanki cewa ake ya fashe, ko ya tsage, ko yana yoyo. Inji ne ke lalacewa.

Sarkin_Zolaya:
Almajiri ya sauya sheƙa! Ɗazu kai ne lauyan ɗan kwangila.

Almajirin_Nahawu:
Ban sauya ba. Na ce asali na kusa ne sai an sami dalili, yanzu kuma ina lissafa dalilan. Amma wannan ɗin mai rauni ne, don "lalace" tana hawa kan komai, har tuwo.

Hajiya_Nas:
Ni tambayata ga Barista: tunda kowa ya ga inda kuskuren yake, ba za su iya gyara takardar yanzu ba?

Barista_Zoo_Road:
Ba su kaɗai ba, Hajiya. Kada wanda ya taɓa kwafin da ke hannunsa da biro, ko da "sumon" kawai zai ƙara a saman layi, don wannan zai ɓata masu hujja gaba ɗaya. In an sasanta, a rubuta sabuwar takarda gajeriya mai kwanan wata, ta ambaci tsohuwar, ta faɗi abin da aka amince da sunan kowane kaya, ɓangaren biyu su sa hannu.

Batun 400,000 kuma, riƙewa har wa'adi ya cika haƙƙinku ne, na 6 ya ba ku. Amma na 6 bai ce kuna iya kashe su ku sayi sumo ba. Ku rubuta masa wasiƙa yanzu, kafin wata shidan ya ƙare, ku faɗi ranar da sumon ya tsaya, ku nemi ya sauya, ku ajiye kwafi da shaidar ya karɓa. Wannan ya fi komai gaggawa.

Injiniya_Ruwa:
Kuma ko wa zai biya, kada a zura sabon doki 2 a rijiyar nan sai an gwada ƙarfin ruwanta. In ba haka ba bazara mai zuwa kuna nan kuna wannan muhawarar.

Ma'ajin_Unguwa:
Na gode maku duka. Sakatare ya ce takardar Turancin tana wajen ɗan kwangilar, ya mayar masa tun ranar. Na kira shi na nema, ya ce zai duba. Ya kuma kawo tayin a raba kuɗin sumon biyu. Rabin kwamiti sun ce a karɓa mata su huta da sayen ruwa, rabi sun ce ko sisi. Mai unguwa ya kira zama ranar Asabar bayan la'asar, wasiƙar kuma gobe za a kai.

Baban_Walida:
Ni dai ban yarda da rabawar ba. In ya tabbata tanki yake nufi, me ya sa zai biya rabi?

Ɗan_Damagaram:
Ko kuwa ya lissafa ne ya ga 400,000 ɗinsa da ke hannunku sun fi rabin da zai bayar. Ma'aji, rabin nan daga cikin cikon za a cire, ko daga aljihunsa zai kawo sannan ya karɓi cikon duka? Ku tambaye shi wannan kafin Asabar.